Wasiƙar neman aikin gwajin gem: fara aikin kafin a ɗauke ka

Idan ƙaramin kamfani mai ƙera gem ɗin waya ya sa tallar neman mai gwaji, wasiƙu da yawa da magana ɗaya suke buɗewa: "Tun ina yaro nake son buga gem." Maganar ba ƙarya ba ce, amma ba ta amfanar wanda zai karanta da komai. Kowa na son gem. Abin da kamfanin yake nema shi ne mutumin da zai zauna da gem ɗin da ya riga ya gundure shi, ya maimaita mataki ɗaya har sai ya gano inda yake lalacewa, sannan ya rubuta abin da ya gani yadda wani zai bi sawunsa ya ga abin da idonsa. Aikin ke nan. Tun da kuwa rabin aikin rubutu ne, wasiƙar neman aikin ita ce jarrabawar farko, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Ya kamata mai nema ya fara sanin hannun da wasiƙarsa za ta faɗa. A ƙaramin kamfani da wuya a sami ofishin ɗaukar ma'aikata mai zaman kansa. Sau da yawa mai kamfanin ne da kansa zai buɗe saƙon, ko mai kula da tafiyar aikin, ko ma mai rubuta manhajar, a tsakanin wani aiki da wani. Irin waɗannan kamfanoni akwai su a nahiyarmu: Maliyo Games a Legas, Leti Arts a Accra, Kiro'o Games a Yawunde, wanda ya fitar da Aurion a 2016. Na Legas da na Accra da Turanci za a rubuta musu, na Yawunde da Faransanci ko Turanci. Amma ko da wane harshe aka rubuta, ginin wasiƙar ɗaya ne, kuma shi za mu duba a nan.

Abin da ke hana su barci

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka san abin da ke damun mutanen da kake rubuta wa. Kantin Google Play yana auna lafiyar kowace manhaja da ke cikinsa. Idan masu buga gem ɗin da ya mutu a hannunsu suka kai kashi 1.09 cikin 100 na masu buɗe shi a rana, an shiga layin da Google ke ɗauka a matsayin mummunan hali. Ga sandarewa kuma, wato gem ya tsaya cak ya ƙi amsa taɓawa har wajen daƙiƙa biyar, iyakar kashi 0.47 ce. Akwai kuma awo na daban ga kowane samfurin waya: idan matsalar ta kai kashi 8 a kan waya iri ɗaya, kantin yana iya rage nuna gem ɗin ga masu irin wannan wayar, yana iya ma manna musu gargaɗi a shafinsa. Ga kamfanin da bai da kuɗin talla mai yawa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A nan ne mai nema daga Kano ko Maraɗi yake da abin da zai kawo wanda ba kowa ke da shi ba. Wayoyin Android iri-iri ne ba adadi, kuma ƙaramin kamfani ba ya iya sayen ko da kaɗan daga cikinsu. Wayoyin da suka cika kasuwanninmu, Tecno da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion ne, kuma masu arha daga cikinsu ƙwaƙwalwar aikinsu kaɗan ce. Gem ɗin da ke tafiya sumul a wayar mai rubuta shi yana iya rarrafe a wayar da RAM ɗinta 2 GB ne. Haka nan sabis da ke ɗaukewa ya dawo, da zafin rana da ke sa waya ta rage gudu, da ma'ajiyar da ta cika da bidiyoyin WhatsApp. Matashin da yake jin kunyar ambaton ƙaramar wayarsa a wasiƙa ya ɓoye jarinsa ne. Ga kamfanin da ke son sayar da gem a Afirka, wannan wayar ita ce ainihin filin gwaji.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wani matashi mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya ga tallar wani ƙaramin kamfani da ke da gem ɗin wasa ƙwaƙwalwa a Google Play. Bai taɓa aikin gwaji ba, ba shi da takardar shaida a fannin. Kafin ya rubuta wasiƙa sai ya sauke gem ɗin, ya ba shi maraice biyu ko uku, ba don ya ci ba, don ya ga inda zai karye.

Mai gwaji ba ya buga gem yadda aka tsara a buga shi kawai. Yana yin abubuwan da rayuwa ke tilasta wa mutane. Yana sa a kira shi ana tsakiyar wasa. Yana kunna `Airplane mode` daidai lokacin da gem ke loda wani abu. Yana danna maɓalli ɗaya sau biyu da sauri, yana kulle allo ya buɗe, yana fita zuwa wata manhaja ya dawo. Galibin tangarɗar gem ɗin waya a irin waɗannan gaɓoɓi take ɓuya, domin mai rubuta manhajar ya fi gwada hanyar da ya san za ta yi aiki.

A mataki na 12 matashin namu ya ci wasa, gem ya ba shi zaɓin ya kalli talla a ninka masa tsabar ladansa. Tallar na tafiya sai ya fita ya buɗe kyamara, ya ɗan jima, ya dawo. Maimakon ya tarar da tallar ko shafin lada, sai gem ya tashi daga farko, mataki na 12 ya koma kamar ba a taɓa cin sa ba, ladan kuma babu.

Mai buga gem zai yi tsaki ya wuce. Mai gwaji kuwa yanzu aikinsa ya fara, kuma tambayarsa ta farko ita ce: zan iya sa abin ya sake faruwa? Ya maimaita sau biyar a wayar itel mai 2 GB, abin ya faru sau huɗu. Ya ari wayar Samsung mai 6 GB a shagon maƙwabcinsa, ya maimaita sau biyar, ko sau ɗaya bai faru ba. Wannan bambanci shi ne mabuɗin. Idan ƙwaƙwalwar aiki ta yi ƙaranci, Android yana kashe manhajojin da aka bari a baya don ya ba wadda ke gaba wuri, kuma kyamara na cin ƙwaƙwalwa sosai. Idan gem bai adana nasarar ba sai bayan an rufe shafin lada, to duk wanda aka kashe masa gem kafin nan ya yi asara. A babbar waya ba a kai ga kashewar, shi ya sa masu gem ɗin ba su taɓa gani ba.

Akwai hanyar tabbatar da wannan zato. A cikin `Settings`, ƙarƙashin `About phone`, idan aka taɓa `Build number` sau bakwai, sashen `Developer options` zai bayyana. A can a kunna `USB debugging`, a haɗa wayar da kwamfutar da aka sa wa `adb`. Sai a koma babbar wayar, a kai gem ɗin wurin tallar, a fita daga cikinsa, a kashe shi da hannu kamar yadda Android zai yi, sannan a kwashe bayanan da wayar ta rubuta:

```
adb shell am kill sunan.kunshin.gem
adb logcat -d > log.txt
```

A wurin `sunan.kunshin.gem` ana sa ainihin sunan ƙunshin, wanda ake gani a adireshin shafin gem ɗin na Google Play bayan `id=`. Idan aka dawo aka tarar nasarar ta ɓace a babbar wayar ma, to laifin ba na itel ba ne, na lokacin da gem ke adana bayanai ne. Wanda bai da kwamfuta ba a rufe masa ƙofa ba: bidiyon allo da lissafin sau nawa abin ya faru sun isa a fara da su. Sai dai wanda ya iya kai wa nan ya nuna abin da takardar shaida ba ta nunawa.

Ga yadda rahoton zai kasance, a shafi ɗaya:

Take: Nasarar mataki da lada suna ɓacewa idan aka fita daga gem ana tsakiyar tallar lada.

Waya: itel, RAM 2 GB, Android 12, tare da cikakkiyar lambar samfurin da lambar fitowar gem ɗin.

Matakai:
1. A ci mataki na 12.
2. A danna maɓallin kallon talla don ninka lada.
3. Tallar na tafiya, a fita a buɗe kyamara na kamar rabin minti.
4. A dawo cikin gem.

Abin da ya kamata a gani: mataki na 12 a ciye, na 13 a buɗe.

Abin da aka gani: gem ya tashi daga farko, mataki na 12 bai ciwu ba, lada bai shiga ba.

Maimaituwa: 4 cikin 5 a itel, 0 cikin 5 a Samsung mai 6 GB, amma yana faruwa a can ma idan aka kashe gem ɗin da `am kill`.

Tsanani: babba, domin mai wasa na rasa abin da ya samu.

Zato: ba a adana nasarar sai an rufe shafin lada.

A lura da layin ƙarshe. An raba abin da ido ya gani da abin da ake zato, kuma an kira zaton da sunansa. Mai nema bai ga cikin manhajar ba, saboda haka ba shi da hurumin cewa "kun yi kuskure a wuri kaza". Idan ya yanke hukunci kuma ya zama ba haka ba ne, ya zubar da amanar sauran rahoton. A lura kuma da tsanani. Sabon shiga yakan ɗauki kowace tangarɗa a matsayin gobara, alhali harafin da aka rubuta ba daidai ba da nasarar da ta ɓace ba su zama ɗaya ba. Akwai kuma abin da ba tangarɗa ba ne sam: "mataki na 12 ya yi wuya" ra'ayi ne, yana da ranarsa, amma ba a cikin wannan rahoto ba.

Ita kanta wasiƙar

Da rahoto a hannu, wasiƙar ta zama gajeruwa, kuma haka ake so. A layin batun imel ɗin a sa sunan aikin kamar yadda yake a tallar, da sunan mai nema. Jikin saƙon kuma ga ma'anarsa:

"Zuwa ga mai kula da ɗaukar mai gwaji,

Bayan gaisuwa, ina neman aikin gwajin gem ɗin waya da kuka yi talla. Na buga gem ɗinku har mataki na 20 a wayoyi biyu, kuma na ci karo da wata matsala da ke ɓatar da nasarar mai wasa idan ya fita ana tsakiyar tallar lada. Ta faru sau 4 cikin 5 a waya mai RAM 2 GB. Na haɗo rahoton, da mahaɗin bidiyo na daƙiƙa 40.

Ban taɓa aiki a kamfanin gem ba. Sana'ata gyaran waya ce a Kano, shekara uku ke nan, inda aikina kullum shi ne in gano ko matsala daga batir take, ko daga allo, ko daga manhaja, kafin in taɓa komai. Ina amfani da `adb` wajen kwashe bayanan waya. Ina da wayoyin Android biyu nawa na kaina, kuma ina iya samun aron wasu a kasuwa. Ba ni da iPhone.

Ina jin Hausa da Turanci, zan iya duba rubutun gem a duka biyun. Ina da lokaci daga ƙarfe huɗu na yamma kowace rana, da yinin Lahadi. Idan kuna da aikin gwaji da kuke ba masu nema, a shirye nake.

Na gode da lokacinku."

Sai suna, da lambar waya. Takardar bayanin karatu da gogewa ta biyo a maƙale, shafi ɗaya.

Dubi abin da ya zo farko: matsalar da aka gano a gem ɗinsu. Wanda ke karantawa cikin sauri layi biyu ko uku na sama kawai zai gani kafin ya yanke shawarar ci gaba, kuma babu abin da zai tsayar da mai gem kamar a ce masa gem ɗinsa na cinye ladan mutane. Gani ya kori ji. Duk wanda ya rubuta "ina da lura sosai" cewa ya yi. Wanda ya kawo 4 cikin 5 nunawa ya yi.

Dubi kuma abin da babu. Babu dogon kirari, babu roƙo. Salon da aka saba da shi a takardar neman aikin gwamnati, na ƙanƙan da kai da "a taimaka a duba halin da nake ciki", a nan illa yake yi, domin yana cinye wurin da hujja za ta zauna. Ladabi na nan, a gaisuwa da godiya da yadda aka faɗi matsalar ba tare da gori ba. Wannan na ƙarshen yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Mai gwaji mutum ne da kullum yake kai wa abokan aikinsa labarin da ba su so ji ba, kuma a kamfanin da mutanensa ba su da yawa, wanda ya rubuta wurin da ya lalace yana iya zama shi ne mai karanta wasiƙar. Idan harshenka ya yi kaifi tun a wasiƙa, zai hango yadda zama da kai zai kasance.

Jimlar "Ba ni da iPhone" ma da gangan take. Wasu za su ga kamar kashe kai ne, ni kuwa ina ganin tana cikin mafi amfanin layukan. Gem ɗin iPhone ta manhajar TestFlight aka fi rarraba shi ga masu gwaji kafin fitowa, kuma ranar da aka turo maka gayyata asirin zai tonu. Haka batun wuta da data ga mai neman aiki daga gida: idan kana da sola ko wata hanyar caji tabbatacciya, faɗi, idan sai dare kake samun sabis mai ƙarfi, faɗi. Aikin gwaji kacokan a kan yarda da maganarka ya tsaya. Idan ka ce ka gwada sau biyar, ba wanda zai zo ya ƙirga.

Maganar Hausa kuma ba ado ba ce. Idan gem yana da fassarar Hausa, ko yana barin mai wasa ya rubuta sunansa, haruffan ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, sukan fito a matsayin ɗan akwati fanko idan salon rubutun da aka sa a gem ɗin bai ƙunshe su ba. Haka kuma jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, ta tsallake gefen maɓalli. Wanda ba ya jin harshen zai iya kallon allon bai ga komai ba. Amma kada a ambaci wannan sai idan ya shafi gem ɗin da ake magana a kai.

Rahoto ɗaya ya isa, biyu in sun bambanta sosai. Wanda ya jibgo guda goma sha biyar ya nuna bai iya zaɓe ba, kuma ya yi aikin mako kyauta. Bidiyo kada a maƙala shi a imel, a ɗora shi a wani wuri a ba da mahaɗi, a tabbatar mahaɗin na buɗewa ga wanda ba kai ba. Mai neman aikin gwaji da ya turo mahaɗin da ba ya buɗewa ya gama ba da amsa. Kada kuma a yi gwajin da kwafin gem da aka yi wa kutse aka sauko da shi daga wani shafi, domin duk abin da aka gani a cikinsa ba hujja ba ne. Idan matsalar da ka gano tana ba da damar samun kaya ko tsaba ba tare da biya ba, kamfanin kaɗai za ka gaya wa, ba dandalin sada zumunta ba.

To idan an buga an buga ba a sami komai ba fa? Yana faruwa. Sai a rubuta abin da aka gwada: waya kaza, kira ya shigo a wuri kaza, an ɗauke sabis a wuri kaza, gem bai girgiza ba. Wannan ma rahoto ne, kuma ya fi ƙirƙiro matsalar da babu. Idan kuwa kamfanin bai fitar da gem ba tukuna, a yi rahoton a kan wani gem mai kama da nasu, a faɗi haka a fili.

Wace talla ce ta aiki?

Ba duk kiran "ana neman masu gwaji" ne aiki ba. Tun Nuwamba 2023 Google ya wajabta wa sababbin masu buɗe asusun kansu, ba na kamfani ba, su yi gwajin sirri na kwana 14 a jere kafin a bar manhajarsu ta fito fili. Da farko mutum 20 ake buƙata, daga baya aka rage zuwa 12. Saboda haka wasu masu kiran ba ma'aikaci suke nema ba, mutane suke nema da za su cika musu adadi. Shiga irin wannan ba laifi ba ne, wuri ne ma mai kyau na koyon rubuta rahoto, kuma ana iya ambatonsa a wasiƙa a matsayin gogewa. Amma ba albashi a ciki, kuma bai kamata a ɗauke shi da wata fuska ba.

Kamfanin gaske yana iya ba ka ɗan aikin gwaji na awa ɗaya ko biyu, yana iya sa ka sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri kafin ya nuna maka gem ɗin da bai fito ba. Duk wannan al'ada ce. Wanda ya ce ka biya kuɗin rajista, ko kuɗin horo, ko ka turo lambobin katin bankinka kafin a ɗauke ka, ka rabu da shi. Tun kafin ka rubuta, ka duba ko sunan kamfanin na nan a shafin gem ɗin a Google Play, kuma ko adireshin imel ɗin da ke tallar ya dace da wanda ke shafinsu.

Bayan ka tura, ka ba su mako ɗaya zuwa biyu. Idan shiru, saƙo ɗaya gajere ya isa, kada ka bi su da kira. Kafin ka aika shi, duba ko sun fitar da sabon sabuntawa. In sun fitar, sauke shi, bi matakan nan huɗu a wayar da ka fara gani, ka rubuta musu lambar sabuwar fitowar da sakamakon: ko matsalar ta gyaru, ko tana nan, kuma sau nawa cikin biyar.